Yadda ake aiki da tunanin hawa da tunanin sauka a binciken karɓar sabon iri

A ɗauka an kai wa manoman wani yanki sabon irin masara mai saurin nuna, yau damina uku ke nan. A gonar gwaji irin ya fi wanda suka saba shukawa yabanya. Amma da aka koma, sai aka tarar wasu sun riƙe shi, wasu sun shuka shi sau ɗaya sun watsar, wasu kuma ko kallonsa ba su yi ba. An ba ka aikin gano dalili. Wannan shi ne misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe, kuma duk alƙaluman da suka shafe shi na koyarwa ne, an tsara su don a nuna yadda lissafin yake tafiya.

Hanyoyin tunani biyu ne a gabanka. Ta farko ita ce ka fara daga ƙasa: ka saurari manomi ɗaya, ka saurari na biyu, ka saurari na ashirin, sannan daga abin da ka ji ka hau zuwa wata magana ta gaba ɗaya. Wannan shi ne tunanin hawa. Malaman manɗiƙi suna kiransa istiƙra'i, a jami'a kuma za ka ji ana cewa indaktib. Ta biyu ita ce ka fara daga sama: kana da wani ra'i a hannu, sai ka ce in dai ra'in nan gaskiya ne to dole in ga abu kaza a gona, sannan ka sauka ka duba. Wannan shi ne tunanin sauka, ƙiyasi a bakin malaman manɗiƙi, didaktib a bakin 'yan jami'a.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana cikin irin tabbacin da kowanne yake bayarwa. A tunanin sauka, idan muƙaddimomin, wato maganganun da ka ɗora hukunci a kansu, gaskiya ne kuma an jera su daidai, hukuncin ba shi da makawa. Sai dai ba ya kawo maka wani abin da babu shi cikin muƙaddimomin tun farko. A tunanin hawa kuwa kana samun sabon abu, amma ba ka samun tabbas. Manoma ashirin da suka faɗi magana ɗaya ba sa hana na ashirin da ɗaya ya faɗi akasinta. Don haka bincike mai kyau kan karɓar iri yakan yi amfani da su biyun, ɗaya bayan ɗaya, kuma babban aikin shi ne kada a bari su cakuɗe.

Mataki na ɗaya: yanke ta wace ƙofa za ka shiga

Ka ɗauki takarda ka gwada cike wannan jimla: "Ina tsammanin dalilin shi ne kaza, kuma idan na ga abu kaza zan yarda na yi kuskure." Idan ka iya cike gurabun biyu ba tare da kame-kame ba, kana iya farawa da sauka. Idan gurbi na biyu ya gagare ka, ko kuma dalilai goma ne suke yawo a kanka ba ka san wanda ya fi nauyi ba, fara da hawa.

Mutane da yawa suna tsallake wannan gwaji domin fagen nan yana da ra'i sananne. A 1943 Bryce Ryan da Neal Gross suka wallafa bincikensu kan manoma 259 a ƙauyuka biyu na jihar Iowa ta Amurka, game da yadda suka karɓi masara mai aure, wato irin da ake samarwa ta hanyar haɗa jinsi biyu. Sun gano cewa yawancin manoman daga bakin masu tallar iri suka fara jin labarinsa, amma maƙwabta ne suka fi sa su yanke shawarar shukawa, kuma kusan kowa da ɗan yanki na gonarsa ya fara. Daga wannan bincike da ire-irensa Everett Rogers ya gina ra'insa na yaɗuwar sababbin abubuwa a 1962. Ra'in ya ce abubuwa biyar ne suke sa a karɓi sabon abu da sauri: fifikonsa kan tsohon, dacewarsa da yadda mutane suke aiki, sauƙinsa, yiwuwar gwada shi kaɗan, da kuma ganin amfaninsa a fili. Ka lura da tafiyar: abin da ya fara da hawa a Iowa ya zama ra'in da wasu suke sauka daga kansa.

Ra'in yana da amfani, amma a misalinmu bai isa ya ba ka hasashe mai kaifi ba. Zai ce maka wataƙila irin bai dace da aikin manoman ba. Ta ina bai dace ba? Wannan ba ya cikin ra'in. Idan ka rubuta takardar tambayoyi yau, abin da ka riga ka sani kawai za ka tambaya: shekaru, ilimi, girman gona, ziyarar malamin gona. Takardar tambayoyi ba ta iya jin amsar abin da ba a rubuta a cikinta ba. Saboda haka a nan hawa za mu fara.

Mataki na biyu: fayyace me ake nufi da karɓa

Kafin ka yi magana da kowa, rubuta ma'anar kalmar. Wanda ya shuka irin da aka ba shi kyauta sau ɗaya bai karɓa ba, gwadawa ya yi. Raba manoman gida huɗu: wanda bai taɓa jin labarin irin ba, wanda ya ji bai shuka ba, wanda ya shuka ya daina, da wanda ya shuka damina biyu ko fiye a jere kuma da kansa ya nemo irin a karo na biyu. Na ƙarshen nan ne kaɗai za mu kira mai riƙe da iri. Ka kuma rubuta kason gonar da ya ba irin, domin wanda ya ba shi kunya biyar ba daidai yake da wanda ya ba shi rabin gona ba.

Akwai tarko a nan da ba a cika lura da shi ba. Manomi yakan kira iri da sunan wanda ya kawo shi, ko launinsa, ko shekarar da ya zo, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ta hanyar gwajin ƙwayar halittar shuka ya nuna cewa sau da yawa abin da manomi ya ce ya shuka ba shi ne ke gonar ba. Idan babu halin gwajin ƙwayar halitta, ka tafi da samfurin ƙwayar da zangarniya, ka nemi ganin buhun ko takardar da ke jikinsa, ka tambayi daga ina aka samo. Idan irin mai aure ne kuma manomin ajiyarsa ya sake shukawa, rubuta shi daban, domin 'ya'yan irin aure ba sa riƙe ƙarfin iyayensu.

Mataki na uku: hawan kansa

A wannan mataki ba ƙuri'a ake jefawa wajen zaɓen mutane ba. Da gangan ake zaɓa, domin abin da ake nema shi ne bambancin dalilai, ba yawan masu faɗarsu ba. Fara da mutum 24 a ƙauyuka uku ko huɗu: takwas masu riƙe da irin, goma da suka daina, shida da suka ji ba su shuka ba. Waɗanda suka daina ne suka fi yawa saboda su ne suka ga irin da idonsu kuma suka ƙi. Ka tabbata akwai masu ƙaramar gona da masu babba, maza da mata, na kusa da hanya da na nesa. Kada ka bar malamin gona ya zaɓa maka su duka. Waɗanda ya sani su ne waɗanda suka fi jin maganarsa.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. "Me ya sa ka daina?" tambaya ce da take jawo amsar ladabi: babu kuɗi, ba a kawo da wuri ba. Maimakon haka ka sa mutum ya bi daminar da kai daki-daki. Yaushe ka shuka? Wace gona ka ba shi, me ya sa ita? Yaushe ya fitar da gemu? Ranar da ka karya, yaya sama take? Ina ka kai shi? Wa ya taɓa shi bayan nan? Dalili na gaskiya yakan fito ne a tsakiyar labari, ba a matsayin amsa ba. Hira ɗaya takan ci minti 45 zuwa awa ɗaya. Ka nemi izinin ɗaukar murya, kuma tun farko ka faɗa a fili cewa ba iri ka zo rabawa ba, ba ka kuma cikin waɗanda suka kawo shi. Wanda yake zaton za a sake rabo ba zai kushe iri a gabanka ba.

Rubuta kowace hira a ranar da aka yi ta ko washegari. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu, sai a ware lokacin tun farko. Sannan ka bi rubutun layi-layi kana liƙa wa kowace magana ɗan gajeren laƙabi, da kalmomin mai maganar in zai yiwu: "ya nuna cikin ruwa", "tsuntsu ya rigaye ni", "ya yi funfuna", "na sayar da shi ɗanye". Kada ka fara da laƙabobin ra'i irin su dacewa ko fifiko. Idan ka yi haka ka koma sauka ba ka sani ba, kuma duk abin da aka faɗa maka zai shige cikin akwatunan da ka zo da su.

Bayan kowace hira biyar, tsaya ka kwatanta. Wannan kwatanci na kai-da-kawowa shi ne ginshiƙin hanyar da Barney Glaser da Anselm Strauss suka shimfiɗa a 1967 ta gina ra'i daga bayanai. A misalinmu, a ce bayan hira goma sha biyar wani zare ya fara bayyana. Bakwai daga cikin waɗanda suka daina ba su kushe yabanyar ba ko kaɗan. Abin da suka ce shi ne masarar ta nuna tun ruwa bai ɗauke ba, suka karya, suka rasa inda za su shanya, ta yi funfuna. Masu riƙe da irin kuma, da aka lura, yawancinsu suna da rumfa ko wani wuri mai rufi da iska take ratsawa. Wannan abu ne da ya dace da halin shukar: irin da ya rage kwanakin nuna yakan jawo girbi baya zuwa cikin damina, kuma masarar da aka tara da danshi ba ta daɗewa. Gonar gwaji ba ta nuna wannan ba domin a can ranar girbi ake auna nauyi a rufe littafi.

Yanzu sai ka yi abin da ya fi wuya, wato ka fita neman wanda zai rushe maka zaren. Nemi mai rumfa da ya daina. Nemi marar rumfa da yake riƙe da irin. Idan ka same su, ka zauna da su fiye da kowa. A ce marar rumfar ya gaya maka shi da gangan yake jinkirta shuka mako uku, don masarar ta nuna bayan ɗaukewar ruwa. Wannan bai rushe zaren ba, ya gyara shi: ba rumfa ce asalin magana ba, haɗuwar girbi da ruwan sama ce. Riƙe wannan, za mu yi amfani da shi a gaba.

Ana tsayawa ne idan hira uku ko huɗu a jere ba su kawo sabon laƙabi ba. Amma ka tabbata ba daga gida ɗaya ko rukuni ɗaya hirarrakin ƙarshen suka fito ba, domin mutane masu kama da juna dole su maimaita juna.

Ga iyakar abin da ka samu. Kana iya cewa matsalar shanya dalili ce da ta sa wasu manoma suka daina, kuma ga yadda take aiki. Ba ka da ikon cewa kashi 70 cikin ɗari sun daina saboda ita, ko da bakwai cikin goma ne suka faɗa, domin kai ka zaɓi goman da hannunka. Wannan kuskure ya yi yawa a rahotanni, kuma ana gane shi da zarar an ga alamar kashi cikin ɗari a kan mutanen da ba ƙuri'a ce ta fitar da su ba.

Mataki na huɗu: mayar da zaren hasashe

Nan ne gadar da ke tsakanin hanyoyin biyu. Rubuta tunaninka a jere, kafin ka tattara ko lamba ɗaya. Idan matsalar shanya ce take sa a watsar da irin, to a cikin waɗanda suka taɓa shuka shi, masu wurin shanya mai rufi za su fi marasa shi ci gaba da shukawa. Idan muka tarar kason ɗaya ne, ko marasa rufin ne suka fi, hasashen ya faɗi.

Ka lura da rashin daidaiton da ke cikin wannan jere, wanda Karl Popper ya gina falsafarsa ta kimiyya a kai tun 1934. Idan abin da ka yi tsammani bai bayyana ba, kuma awonka daidai ne, hukuncin a yanke yake: akwai kuskure a ra'in. Amma idan ya bayyana, ba ka tabbatar da ra'in ba, domin wani dalilin daban ma zai iya haifar da abu ɗaya. A nan abokin takarar a fili yake. Mai rumfa yakan zama mai hali, mai hali kuma ya fi iya sayen iri da taki kowace shekara. Ko da shanya ba ta da hannu ko kaɗan, za ka iya ganin masu rumfa sun fi riƙe irin.

Maganin shi ne ka fitar da hasashe na biyu wanda ra'inka kaɗai ne yake hango shi. Nan maganar mai jinkirta shuka take shigowa. Idan shanya ce, to tazarar da ke tsakanin masu rufi da marasa shi za ta yi faɗi a cikin waɗanda suka girbe ana ruwa, ta ƙanƙance ko ta ɓace a cikin waɗanda suka girbe bayan ruwa ya ɗauke. Idan kuwa wadata ce kawai, tazarar ba ruwanta da ranar girbi. A ganina wannan shi ne wurin da tunanin sauka yake nuna ƙarfinsa, kuma shi ne wurin da aka fi yin sakaci.

Sa kwanan wata a takardar hasashen ka ba wani ya ajiye. Amfaninta shi ne ta hana ka gyara hasashe bayan ka ga lambobi.

Mataki na biyar: saukar

Ƙa'ida ta farko: mutum 24 da ka yi hira da su ba sa shiga samfurin gwaji. Daga bakinsu hasashen ya fito, dole su dace da shi. Wanda ya kawo ƙara ba ya zama alƙali. In da hali, ƙauyukansu ma a bar su.

Waɗanda ake nema su ne duk wanda ya taɓa shuka irin ko da sau ɗaya. Jerin sunayen rabon farko bai wadatar ba, domin iri yakan bi hannu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Zaɓi ƙauyuka da ƙuri'a, a kowane ƙauye a bi gida-gida a rubuta waɗanda suka taɓa shukawa, sannan a sake jefa ƙuri'a a cikinsu.

Mutum nawa? A ce kana son ka iya gano bambanci idan kashi 60 cikin ɗari na masu rufi suna ci gaba, marasa shi kuma kashi 40. Da ma'aunin da aka saba, wato yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari da ƙarfin ganowa na kashi 80, wato damar gano bambancin idan da gaske akwai shi, lissafin yana ba da mutum 97 a kowane ɓangare. Amma mutanen ƙauye ɗaya suna kama da juna, ruwa ɗaya suke samu, shawara ɗaya suke ji, saboda haka mutum 15 daga ƙauye ɗaya ba su kai darajar mutum 15 daga wurare daban-daban ba. Ana gyara wannan da ninki:

```
deff = 1 + (m - 1) * rho
```

`deff` shi ne ninkin, harafin `m` shi ne adadin mutane a kowane ƙauye, `rho` kuma gwargwadon kamanninsu. Idan `m` 15 ne, aka ɗauki `rho` a 0.05, ninkin ya zama 1.7. Sai 97 ta koma 165 a kowane ɓangare, jimla 330. Ƙara kaɗan saboda waɗanda ba za a samu a gida ba, ka tsaya a 360: ƙauyuka 24, mutum 15 a kowanne. Yawaita ƙauyuka ya fi yawaita mutane a ƙauye ɗaya amfani, ko da yake ya fi wahalar zirga-zirga.

Takardar tambayoyin yanzu gajera ce, domin ka san abin da kake nema. Wurin shanya kada a tambaya da baki kawai, mai tambaya ya gani da idonsa ya rubuta ko da rufi ko babu. A tambayi shekarar da aka yi shi. Wannan tambaya ɗaya tana kare ka daga juya sanadi: wataƙila mutum ya ci ribar irin ne sannan ya gina rumfa, ba rumfar ce ta sa ya riƙe irin ba. Duk rumfar da aka gina bayan daminar farko, mai ita a lissafa shi cikin marasa rufi. A tambayi lokacin girbin farko, ana ruwa ko ya ɗauke. A rubuta girman gona, kuma in da na'urar awo a auna, domin ƙiyasin baki yakan kauce, musamman a ƙananan gonaki. Gwada takardar kan mutum goma da ba sa cikin samfuri kafin a fita.

A ce an samu duka 360, ga abin da ya dawo. Cikin masu rufi 150, mutum 96 sun ci gaba, 54 sun daina, wato kashi 64 cikin ɗari. Cikin marasa rufi 210, mutum 84 sun ci gaba, 126 sun daina, wato kashi 40. Tazarar maki 24 ce. Don a ga ko sa'ar ƙuri'a kaɗai za ta iya kawo wannan, ana yin gwajin kai-sikwaya. A `R`, manhajar lissafin alƙaluma, layi ɗaya ne:

```
chisq.test(matrix(c(96, 54, 84, 126), nrow = 2, byrow = TRUE), correct = FALSE)
```

Amsar tana fitowa 20.16. Iyakar da amsar za ta haye a irin wannan tebur mai gida huɗu, a ma'aunin kashi 5 cikin ɗari, ita ce 3.84. Ko an raba amsar da ninkin 1.7, a matsayin gyara na kusa-kusa saboda kamannin 'yan ƙauye ɗaya, ana samun wajen 11.9, har yanzu sama da iyaka. Hasashe na farko ya tsira.

Kada a yi murna tukuna, abokin takara yana nan. Raba mutanen bisa girman gona. A manyan gonaki, masu rufi 100 ne, 70 sun ci gaba, kashi 70 ke nan. Marasa rufi 50 ne, 28 sun ci gaba, kashi 56. A ƙananan gonaki, masu rufi 50 ne, 26 sun ci gaba, kashi 52. Marasa rufi 160 ne, 56 sun ci gaba, kashi 35. Tazarar ta sauko daga 24 zuwa 14 a manya da 17 a ƙanana. Ma'anar wannan ita ce wani ɓangare na bambancin farko na wadata ne, domin masu rufi sun taru a manyan gonaki. Amma sauran, wajen maki 15, bai tafi ba. Wanda ya kai rahoton maki 24 ya zuzuta tasirin rumfa.

Sai a yi irin wannan rabo bisa lokacin girbi, wanda shi ne gwajin hasashe na biyu. Idan tazarar ta taru wajen masu girbi cikin ruwa, hujjarka ta yi ƙarfi ƙwarai. Idan ta fito daidai a ɓangarorin biyu, ka faɗa a fili cewa rumfa tana tafiya da riƙe iri amma ba ta hanyar da ka zata ba. Ka kula da girman gidajen tebur yayin da kake ta rabawa: gidan da bai kai mutum 30 ba kasonsa yana rawa sosai, mutum uku kawai sun isa su juya shi da maki goma.

Idan hasashen ya faɗi, kafin ka jefar da ra'in duba muƙaddimomin da ba ka rubuta ba. Shin masu tambaya duka abu ɗaya suka kira rufi? Shin daminar da aka tambaya a kai ruwa ya ɗauke da wuri, har matsalar ba ta taso ba? Dubawa halal ce, amma sau ɗaya, kuma a rubuce. Wanda duk lokacin da lambobi suka ƙi shi sai ya samo wani uzuri ya daina gwaji, ya koma kare ra'i. Haka kuma wanda ya gwada abubuwa ashirin ya ɗauko ɗayan da ya haye iyaka ya kira shi hasashensa: a ma'aunin kashi 5 cikin ɗari, ɗaya cikin ashirin zai haye ko babu komai a ƙasa. Abin da aka tsinta a haka ɗan hawa ne, sai an gwada shi a sabon samfuri.

Mataki na shida: komawa ga waɗanda suka ƙi shiga layi

Teburin ya bar maka mutum 54 masu rufi da suka daina, da 84 marasa rufi da suka ci gaba. Su 138 ne cikin 360, sun haura kashi ɗaya cikin uku, ba 'yan tsiraru ba ne da za a share. Zaɓi goma ko sha biyu ka koma musu da hira irin ta mataki na uku. Wataƙila marasa rufin ɗanya suke sayar da masarar tun ba ta buƙaci shanya ba. Wataƙila masu rufin tsuntsaye ne suka kore su, domin gonar da ta riga maƙwabtanta nuna ita kaɗai tsuntsu yake sauka a kai. Kowanne daga cikin waɗannan sabon zare ne mai jiran nasa gwajin.

Wannan komawa tana kuma maganin wata karkata da Rogers da kansa ya yi gargaɗi a kanta, wato ɗaukar cewa sabon abu dole alheri ne, wanda bai karɓa ba kuma shi ne mai matsala. Manomin da ba shi da wurin shanya, ya ga hatsinsa ya yi funfuna, ya koma tsohon irinsa, lissafi ya yi kuma lissafinsa daidai ne.

Wajen rubuta rahoto, raba sassan yadda aikin ya rabu, kowanne da kalmominsa. A sashen hira rubuta "wasu manoma sun bayyana", ka kawo maganarsu, ka faɗi yadda aka zaɓe su, kada ka sa kaso. A sashen gwaji kawo hasashen kamar yadda aka rubuta shi da kwanan watansa, sannan lambobin, ɗanyensu da waɗanda aka gyara da girman gona, ka ce sakamakon ya goyi bayan hasashe ko ya saɓa masa. Kalmar "ya tabbatar" ba ta da gurbi a nan, domin ba kai ka raba rumfunan da ƙuri'a ba, iske su ka yi. Idan ana son a kai ga maganar sanadi kai tsaye, sai a ɗauki ƙauyuka a jefa ƙuri'a, rabi a ba su iri tare da abin shanya mai rufi, rabi iri kaɗai, a dawo bayan damina biyu a ƙirga waɗanda suka sake shuka shi da kansu.